Akwai Bambanci: To, Tsakanin Wa da Wa, Kuma Nawa Ne?

Saura mako biyu ya kare kundin digirinsa ya shigo ofishina, riƙe da babi na huɗu wanda bai ko ɗinke ba. Ɗalibin aikin gona ne, kuma ya sha wahalar aikinsa da gaske. Damina guda ya yi yana zirga-zirga a gonar gwaji, ya yanka ta fuloti talatin, kowane fuloti mita goma tsawo mita goma faɗi, ya shuka masara iri ɗaya a rana ɗaya. Goma bai sa musu komai ba, goma ya zuba musu takin shanu, goma ya sa musu takin zamani. Ƙuri'a ya jefa wajen raba takin, bai zaɓa da ido ba. Da kaka ta yi ya girbe, ya shanya, ya surfe ƙwayar daga totuwa, ya auna ta kowane fuloti daban.

Duk wannan gumi, a takarda layi biyu ya zama. Ya kwafo jadawali daga kwamfuta ya liƙa, ya rubuta a ƙasansa cewa akwai bambanci mai ma'ana tsakanin takin, don haka an yi watsi da hasashen rashin bambanci. Shi ke nan, sai babi na biyar.

Na ce masa: da mahaifinka ne ya tambaye ka, wane taki zan sa bana, me za ka ce masa daga wannan shafin?

Ya duba takardar, ya ɗago. Ya ce, "Malam, ai na zamani ya fi."

Na ce, ya fi wanne? Ya fi rashin taki, ko ya fi na shanu? Kuma da buhu nawa?

Ya yi shiru. Amsar tana cikin kwamfutarsa, bai dai san ana tambayarta ba. Abin da muka yi da shi a ranar nake so in shimfiɗa a nan, domin kurakuransa su ne na ɗalibai da yawa, na noma ne, na koyarwa ne ko na lafiya. Lambobin da za ku gani na gyara su na mai da su cikakku domin lissafi ya biyu da sauƙi. Na koyo ne, kada manomi ya ɗauke su shawarar taki.

Abin da jadawalin yake aunawa

Hanyar da ya bi, wadda ake gani a allon kwamfuta da sunan ANOVA, a gona aka haife ta. Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya tarar da tarin bayanan girbi na shekaru masu yawa. A 1923 shi da Winifred Mackenzie suka wallafa nazari kan yadda ire-iren dankali ke karɓar taki, sannan littafinsa na 1925 ya yaɗa hanyar a duniya. Harafin F da ke tsakiyar jadawalin ma George Snedecor ne ya raɗa shi domin girmama Fisher. Idan aka ce mai hanya ɗaya, ana nufin abu ɗaya tak ne ya raba rukunan. A nan, irin taki.

Tunanin da ke ƙarƙashinta duk manomi ya san shi. Ka ba fuloti biyu taki ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya, ba za su ba ka awo ɗaya ba. Wannan yana kusa da gidan tururuwa, wancan ruwa ya kwanta masa, na can gara ta taɓa. Saboda haka idan fulotan takin zamani sun fi na shanu, tambayar farko ita ce: ratar ta wuce irin wadda ake samu ko da babu bambancin taki?

Ga abin da ɗalibin ya samu. Fulotan da ba taki, matsakaicin girbinsu kilo 20. Na takin shanu kilo 25. Na takin zamani kilo 27. Idan aka haɗa duka talatin, matsakaici kilo 24 ne. A cikin kowane rukuni kuma, fuloti yakan kauce wa matsakaicin rukuninsa da kamar kilo 4, sama ko ƙasa. Wannan ma'aunin bazuwa shi ne kwamfuta ke nunawa da Std. Deviation, kuma nasa sun kasance 3.61 da 4.00 da 4.36.

Yanzu dubi yadda rukunan suka kauce wa 24: na farko ya gaza da 4, na biyu ya ɗara da 1, na uku ya ɗara da 3. A ninka kowace lamba da kanta, a samu 16 da 1 da 9, jimla 26. Tun da fuloti goma ne a kowane rukuni, sai a ninka da goma, 260 ke nan. Wannan shi ne bambancin da ke tsakanin rukunai. Irin wannan lissafi idan aka yi shi a cikin rukunan, kowane fuloti da matsakaicin rukuninsa, ya ba da 432. Ga yadda allo ya nuna:

```
                Sum of Squares  df  Mean Square    F     Sig.
Between Groups       260         2      130       8.13   .002
Within Groups        432        27       16
Total                692        29
```

Lambar 2 rukunai uku ne aka cire ɗaya. Lambar 27 fuloti talatin ne aka cire rukunai uku. A raba 260 da 2 a samu 130, a raba 432 da 27 a samu 16, a raba 130 da 16 a samu 8.13. Ma'ana, ratar da ke tsakanin rukunan ta ninka sau takwas abin da bambancin ƙasa da gara da kwanciyar ruwa za su iya haifarwa su kaɗai. Da taki ba ya yin komai, da F ta tsaya kusa da ɗaya.

Ina roƙon duk ɗalibi ya duba waɗannan lambobi biyu, 2 da 27, kafin ya duba komai. Su ne ke tona kuskuren shigar da bayanai. Wanda ya ce rukunansa uku ne amma ya ga 3 a layin farko, to akwai wurin da ya buga lambar rukuni ba daidai ba, kwamfuta ta ƙirƙiro masa rukuni na huɗu. Wanda ya ce fulotansa talatin amma jimla ta nuna 27 maimakon 29, biyu sun ɓace a hanya. Mai jarrabawa da ya san aikinsa nan yake fara kai ido.

Sai .002 da ke ƙarƙashin Sig., wadda a rubutu ake kira p. Abin da take faɗa shi ne: da a ce taki ba shi da wani tasiri sam, aka yi ta maimaita wannan gwaji, sau biyu kacal cikin dubu za a ga rata mai girman wannan ko fiye. Iyakarta ke nan. Ba ta ce tasirin babba ne ba, ba ta kuma ce tsakanin wa da wa ba. Wani abu kuma: idan kwamfuta ta nuna .000, ba sifiri ba ne, ta yanke lambar ce don ƙanƙantarta. Sai a rubuta p < .001. Na ga kundi da dama da aka rubuta p = .000 a cikinsu, kuma hakan na nufin marubucin yana cewa abin ba zai taɓa faruwa da katari ba, wanda babu gwajin da zai iya tabbatar da haka.

Sharuɗɗan da ake faɗa kafin sakamako

Kafin mai karatu ya yarda da 8.13, yana da haƙƙin sanin ko bayanan sun dace da hanyar. Abu uku ake dubawa, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Biyu daga ciki masu sauƙi ne. Ana so bazuwar rukunan ta yi kusa da juna, kuma gwajin Levene ne ke duba wannan. A nan ɗalibai kan ruɗe, domin sun saba murna da p ƙarama, alhali a gwajin Levene p da ta haura .05 ita ce ke cewa ba a ga matsala ba. Na ɗalibina 3.61 zuwa 4.36 ne, ko da ido ka san sun yi kusa, ga shi kuma rukunan yawansu ɗaya, abin da ke rage illar ɗan bambancin da ke akwai. Da wani rukuni bazuwarsa ta ninka ta wani sau biyu ko uku, musamman in yawan rukunan bai zo ɗaya ba, sai a koma ga F ta Welch, a kuma faɗa a kundin cewa ita aka ɗauka da dalilin ɗaukarta. Na biyu, ana so kaucewar fulotai daga matsakaicin rukuninsu ta taru a tsakiya, ta ragu a gefe biyu. Gwajin Shapiro-Wilk na taimakawa, amma da fuloti goma a rukuni ba ya gani sosai, don haka gara a zana hoton bayanan a duba ko akwai fuloti ɗaya da ya yi fintinkau. In akwai, a bincika. Wataƙila awaki ne suka shiga, wataƙila an buga 52 maimakon 25. Kuskuren bugu a gyara. Na awaki kuwa, in za a cire shi, a rubuta cewa an cire da dalili, ba a share shi a ɓoye ba.

Na ukun shi ne mai kashe aiki, kuma babu maɓallin da zai gano shi: kowane awo ya zama mai cin gashin kansa. A ce ɗalibi fuloti uku kawai ya yi, ɗaya ga kowane taki, sannan ya auna kara goma a kowanne ya shigar da lambobi talatin. Kwamfuta za ta karɓa, ta ba shi 2 da 27 kamar na ɗalibina. Amma karan goma na fuloti ɗaya ƙasa ɗaya suka ci, inuwa ɗaya suka sha. Idan fulotin takin zamani ya faɗo a kan tsohuwar makwantar shanu, duk goman za su yi kyau, kuma babu yadda za a raba tasirin taki da na wurin. Haka yake ga ɗaliban fannin koyarwa da ke ba aji guda hanyar koyarwa guda, su ƙirga yara arba'in a matsayin awo arba'in, alhali malami ɗaya ne, lokacin darasi ɗaya ne. Wanda aikinsa ya riga ya zama haka, abin da ya rage masa shi ne ya faɗi wannan iyaka a fili. Haka kuma wanda ya raba gonarsa gida-gida saboda gangara, ya sa kowane taki a kowane gida, ANOVA mai hanya ɗaya ba tasa ba ce, dole gidajen su shiga lissafi.

Tsakanin wa da wa

F ta ce matsakaitan uku ba duka ɗaya ba ne. Daga nan ta yi shiru. Gano inda bambancin yake aikin gwajin bin diddigi ne, wanda a SPSS yake ƙarƙashin maɓallin Post Hoc a cikin akwatin One-Way ANOVA.

Ɗalibina ya tambaya, "Malam, me zai hana in gwada su biyu-biyu kawai da gwajin t, sau uku?"

Tambaya ce mai kyau. A kowane gwaji da aka yi a kan .05, an yarda da kasadar kashi biyar cikin ɗari ta ganin bambanci inda babu. Kasadar nan tana taruwa. Gwaji uku sun kai ta wajen kashi 14. Rukuni biyar na da kwatanci goma, ta kai wajen kashi 40. Kamar mai jefa ƙugiya ne a tafki: in ya yi ta jefawa, ko ba kifi zai jawo wani abu. John Tukey, masanin lissafi na Princeton, ya tsara hanyar da ke riƙe kasadar dukan kwatancen gaba ɗaya a kashi biyar, ta hanyar ɗaga katangar da rata za ta tsallaka.

A aikin ɗalibina katangar Tukey kilo 4.44 ce. Duk ratar da ta wuce wannan ta tsallake. Takin shanu ya fi rashin taki da kilo 5, ya tsallake, p = .025. Takin zamani ya fi rashin taki da kilo 7, ya tsallake da nisa, p = .002. Takin zamani ya fi na shanu da kilo 2, bai ko kusanci katangar ba, p = .51.

Ka ga amsar da ya ba ni da farko, cewa na zamani ya fi, rabinta ce kawai bayanansa suka tsaya mata.

Wanda ke aiki da R, layi uku ne:

```
m <- aov(masara ~ taki, data = gona)
summary(m)
TukeyHSD(m)
```

A tabbata dai taki yana matsayin rukuni. In an shigar da shi da lambobi 1, 2, 3 ba a gaya wa R cewa sunaye ba ne, df ta farko za ta fito 1 maimakon 2.

Akwatin Post Hoc cike yake da sunaye, fiye da goma, kuma nan jarraba take. Gwajin LSD ba ya ɗaga katanga ko kaɗan: a wannan aiki tasa kilo 3.67 ce. Da wata rata ta zo kilo 4, LSD zai ce akwai bambanci, Tukey ya ce bai isa ba. Ɗalibin da ya latsa duka akwatunan, ya zaɓi wanda ya ba shi amsar da yake so, ya ɓata lissafin kasadar da kansa, kuma mai karatu ba zai sani ba. Shi ya sa ake rubuta sunan gwajin tun a babi na uku, kafin a ga sakamako. Gwajin Duncan na 1955 ya zauna daram a sassan aikin gona har ya zama al'ada, amma shi ma mai sassauci ne, yana barin kasadar ta haura idan rukunai suka yi yawa. Ni Tukey nake ba da shawara in ana kwatanta kowa da kowa kuma bazuwa ta yi kusa. In ba ta yi kusa ba, Games-Howell, shi ne abokin tafiyar Welch. In kuma duk abin da ake so shi ne a gwada kowane taki da rashin taki kawai, Dunnett aka yi domin haka. Idan sashenku ya wajabta Duncan, a bi, amma a rubuta sunansa a ƙasan jadawali domin mai karatu ya san tsayin katangar da aka tsallaka.

'Yan noma kan taƙaita sakamakon da ƙananan haruffa a gefen matsakaici: 20 da b, 25 da a, 27 da a. Masu harafi ɗaya ba a raba su ba. Hanya ce mai tsabta, amma tana da tarko, kuma cikinsa ɗalibina ya faɗa nan take.

Buhu biyun da ba a raba ba

Ya ce, "To Malam, sai in rubuta cewa takin shanu da na zamani duk ɗaya ne. Wannan ma ya fi daɗi, tun da na shanu ya fi araha."

Na ce a'a, kuma a nan muka fi daɗewa.

Kusa da kowace rata, kwamfuta tana ba da lambobi biyu, Lower Bound da Upper Bound. Wannan shi ne zangon amincewa na kashi 95, wato iyakokin da ratar gaskiya za ta iya kasancewa a cikinsu ba tare da ta saɓa wa bayanan ba. Lissafinsa a nan mai sauƙi ne, a ɗauki ratar a rage 4.44, a kuma ƙara 4.44. Tsakanin na zamani da na shanu, zangon ya tashi daga −2.44 zuwa 6.44.

Na sa shi ya mai da wannan zuwa harshen gona. Fulotinsa murabba'in mita ɗari ne, hekta kuwa dubu goma, saboda haka kilo ɗaya a fuloti kilo ɗari ne a hekta, buhu guda ke nan. Ratar kilo 2 buhu biyu ce a hekta. Zangon kuma yana cewa: mai yiwuwa na shanu ya fi da kusan buhu biyu da rabi, mai yiwuwa babu bambanci, mai yiwuwa kuma na zamani ya fi da buhu shida da wani abu. Manomin da aka ce masa duk ɗaya ne, alhali akwai yiwuwar buhu shida a tsakani, an zalunce shi. Abin da gwajin ya nuna shi ne fuloti goma-goma ba su isa su raba gardamar ba. Rashin shaida a gaban alƙali ba ya nufin abin bai faru ba.

Har ratar da ta tsallake ma zangonta na da abin faɗa. Takin shanu a kan rashin taki: daga 0.56 zuwa 9.44. Amfani akwai, amma zai iya zama rabin buhu, zai iya zama buhu tara. Na zamani a kan rashin taki: daga 2.56 zuwa 11.44. Wanda ya rubuta p kawai ya ɓoye duk wannan.

Girman tasiri

Saura tambayar nawa. Rabin amsar mun riga mun ba da ita da kilo da buhu, kuma a ganina ita ce mafi amfani. Amma ana buƙatar ma'auni da ba ruwansa da kilo, domin a iya kwatanta aiki da aiki. Wanda aka fi sani shi ne η², da ake kira eta, kuma ko da ƙaramin kalkuleta ana fitar da shi daga jadawalin: a raba 260 da 692, a samu .38. Wato kashi 38 cikin ɗari na duk bambancin girbin da ke tsakanin fulotai talatin yana tafiya ne da irin takin. Sauran kashi 62 na ƙasa ne da ruwa da ƙwari da abin da ba a auna ba. Tun daga SPSS 27 akwai akwatin da za a latsa ya fito da shi, har da zangonsa. Mai tsohuwar manhaja ya yi da hannu.

Eta tana da ɗan zuzutawa, musamman in awo kaɗan ne, domin tana ƙirga har da ratar da katari ya kawo. Ƙanwarta ω², omega, tana rage wannan:

```
ω² = (260 − 2 × 16) / (692 + 16) = 228 / 708 = .32
```

Daga .38 zuwa .32. Da fuloti talatin na fi son a ba da omega, ko a ba da duka biyun. Abin da ba na so shi ne a ba da lamba ba a faɗi wacce ce ba.

Jacob Cohen, a littafinsa na 1988, ya ba da mizani: .01 ƙarami, .06 matsakaici, .14 babba. Ɗalibai sun haddace shi, suna liƙa kalmar babba su wuce. Cohen don binciken halayyar ɗan Adam ya tsara shi, kuma shi da kansa ya ce a yi amfani da shi ne in babu abin da ya fi shi. A gwajin gona, inda ake riƙe iri da ranar shuka da tazara, wuce .14 ba abin mamaki ba ne.

Akwai kuma abin da na nuna wa ɗalibina wanda ya sa ya ajiye biro. Na ce ya cire fulotan da ba taki, ya sake lissafi da rukuni biyu. Matsakaicinsu 26, kowanne ya kauce da 1, bambancin tsakani ya zama 20 kacal, na ciki 315. Eta ta faɗo zuwa .06. Gona ɗaya, masara ɗaya, amma .38 ta koma .06. Kusan duk girman da yake alfahari da shi daga kwatanta mai taki da marar taki ya fito, abin da kakarsa ma ta sani. Tambayar da ta sa aka yi binciken, shanu ko zamani, tasirinta shi ne ƙaramin. Eta ta jadawali gaba ɗaya ta dogara da rukunan da mai bincike ya zaɓa ya saka, don haka yana da kyau kowace rata ta zo da nata ma'aunin. Mafi sauƙi shi ne d ta Cohen: a raba ratar da bazuwar cikin rukunai, wato 4, tushen 16 da ke jadawali. Sai a samu 1.25 da 1.75 da 0.50.

Yadda shafin ya koma

Kundin da Turanci zai fita, na maƙwabtanmu a Nijar da Faransanci, amma tsarin ɗaya ne, kuma na sa ya fara faɗa mini da Hausa domin in tabbata ya fahimta. Da farko jadawalin bayani, mai yawan fulotai da matsakaici da bazuwa na kowane rukuni, wanda ya buga da kansa ba liƙe daga allo ba, lambobi biyu bayan ɗigo, da kilo a rubuce a kai. Sai jimla ɗaya kan sharuɗɗa. Sai sakamako. Ga abin da muka tsayar:

"An kwatanta girbin masara na fuloti 30, goma a kowane rukuni, da ANOVA mai hanya ɗaya. Gwajin Levene bai nuna saɓanin bazuwa ba, kuma babu fulotin da ya fita daban. Girbi ya bambanta bisa irin taki, F(2, 27) = 8.13, p = .002, η² = .38, ω² = .32. Gwajin Tukey ya nuna takin shanu ya fi rashin taki da kilo 5.00 a fuloti, zangon amincewa na kashi 95 daga 0.56 zuwa 9.44, p = .025, d = 1.25. Takin zamani ya fi rashin taki da kilo 7.00, daga 2.56 zuwa 11.44, p = .002, d = 1.75. Ratar kilo 2.00 da ke tsakanin takin zamani da na shanu ba ta kai a raba su ba, daga −2.44 zuwa 6.44, p = .51, d = 0.50. Faɗin wannan zango ya nuna gwajin bai isa ya tabbatar da cewa sun yi daidai ba."

Za a lura babu sifiri kafin ɗigo a p da eta da omega. Salon APA ne, wanda sassa da yawa ke bi: lambar da ba ta iya wuce ɗaya ba a sa mata sifiri. Ita d tana wucewa, shi ya sa aka sa mata. Kalmar "ya sa" ko "ya haifar" kuwa, ɗalibina yana da ikon amfani da ita a babi na biyar domin ƙuri'a ce ta raba takin. Wanda ya bi ƙauyuka yana tambayar manoma wane taki suka sa ba shi da wannan ikon, ko da lambobinsa sun zo daidai da waɗannan, domin mai kuɗin sayen takin zamani sau da yawa shi ne mai kuɗin iri mai kyau da 'yan ƙwadago a kan kari.

Sai da muka taɓa babi na biyar ma. Shawararsa ta farko ta ce manoma su koma takin zamani. Ya soke ta, ya rubuta cewa duka takin biyu sun fi barin gona haka, cewa damina ɗaya ce a gona ɗaya, kuma raba na shanu da na zamani na buƙatar fulotai da yawa fiye da nasa. Ya tambayi nawa. Muka lissafa: in ratar gaskiya rabin bazuwa ce, kamar yadda d ta 0.50 ta nuna, ana buƙatar wajen fuloti 64 a kowane rukuni kafin a samu damar kashi 80 ta gano ta. Ya rubuta lambar a bayan takardarsa, ya ce zai saka ta cikin shawarar bincike na gaba, ya tattara babinsa ya nufi wurin mai buga takardu.